Taura Biyu: Malamin Makaranta Da Safe, Ɗan Acaɓa Da Yamma

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba)

 Ina gaida masu saurarenmu na Gwarzo da Kabo, da na Getso, Kutama, Lakwaya, Garo da Gude, da 'yan uwanmu da neman abinci ya kai su birni amma kullum kunnensu yana gida.

Yau maganar da zan yi ta shafi kusan kowane gida a yankin nan. Ka duba ma'aikatan da ka sani, malamin firamare ne, ma'aikacin asibiti ne, ko na sakatariyar ƙaramar hukuma. Mutum nawa ne a cikinsu suke rayuwa da albashi kaɗai? Wannan yana da gona, wancan yana da shago, wani yana haya da babur, malama kuma tana ɗinki ko tana sayar da atamfa bashi. Mun saba da abin har mun daina ganinsa. To ni yau so nake mu zauna mu yi lissafinsa, kuma zan yi shi ne da labarin mutum ɗaya, wani yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya ba ni izinin in faɗa amma ban da sunansa da sunan makarantarsa.

Kafin nan, bari in faɗi abin da ya tura mutane, don kada wani ya ce na zo zagin malamai ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira dubu. Mafi ƙarancin albashi yana naira 30,000 tun 2019, sai a Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, gwamnatin Kano kuma ta sanar da nata 71,000 a watan Oktoba na shekarar. Ƙarin ya zo, ba mu raina ba, amma kafin ya iso kasuwa ta riga ta cinye shi. Saboda haka duk wanda ka gani yana sana'a ta biyu, ruwa ba ya tsami banza.

To, Yaya yana zaune a cikin garin Gwarzo, yana koyarwa a wata firamare ta ƙauye, tafiyar kilomita goma sha biyu. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar, ga tsohuwa a hannunsa. Albashinsa dubu tamanin da 'yan kai. Yana da babur, da shi yake zuwa aiki, da shi kuma yake acaɓa idan an tashi. Yana kuma da gonar gado da yake shuka masara da dawa.

Wata rana a farkon 2025 na je gidansa bayan isha'i, na tarar da shi zaune a kan tabarma, littattafan yara a gabansa, jan biro a hannu, barci ya kwashe shi a zaune. Da ya farka na ce, "Yaya, wannan acaɓar nawa take kawo maka ne har take neman kashe ka?" Ya ce, "Ƙanena, dubu shida nake samu a rana." Na ce, "Samu ko tarawa?" Ya yi dariya. Sai muka ɗauko takarda.

Ku saurari lissafin nan da kyau, domin lambobinsa ne na wancan lokaci, naka za su bambanta, amma hanyar ɗaya ce. Yana fita wajen ƙarfe uku, ya dawo ƙarfe takwas, awa biyar kenan. A rana mai kyau ya tara naira 6,000. Mai lita biyu, naira 2,000. Baƙin mai, faci, sarƙa, taya da kuɗin bakanike, idan ka raba su a kan kwanakin wata, wajen naira 700 ne a kullum. Wannan shi ne kuɗin da yawancin mutane ba sa cirewa, sai ranar da injin ya buga su je su ci bashi. Tikitin ƙungiya 200. Ruwa da ɗan abin da zai sa a baki a tasha, 600. Abin da ya rage naira 2,500. Awa biyar, kowace awa naira 500. Idan ya fita kwana 24 a wata, dubu sittin kenan.

Ni na zaci lissafin zai nuna masa wahalar banza yake yi. Wallahi sai ya nuna mini akasin haka. Dubu sittin a kan albashin dubu tamanin ba abin wasa ba ne, ita ce cefanen gidan. Daga ranar na daina cewa mutane su ajiye sana'a ta biyu, domin maganar wanda ya ƙoshi ce. Tambayar da ta rage ita ce: wa yake biyan kuɗin wannan dubu sittin ɗin ban da fasinja?

Na farko jikinsa. Yana tashi da asuba, bai kwanta ba sai sha ɗaya. Awa shida a tsaye gaban yara fiye da saba'in, awa biyar a kan babur cikin ƙura da rana. Kuma gajiya irin wannan tana da alamomi da mai ita ba ya gani, sai na kusa da shi. Matarsa ce ta fara lura ya koma shan maganin ciwon jiki kullum kamar goro. Sai saurin fushi: mutumin da aka san shi da haƙuri ya koma ɗaga bulala a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai mantuwa, ya shiga aji ya maimaita darasin da ya yi jiya, yara suna kallonsa ba mai iya magana. Ta ƙarshe ita ce ta tsorata shi. Wata magariba a kan titin Gwarzo zuwa Kano, da fasinja a baya, idonsa ya rufe na ɗan lokaci, bai farga ba sai da tayar gaba ta sauka daga kwalta. Allah ya kiyaye. Amma ka tuna, da ya karye, albashin zai ci gaba da zuwa na wani lokaci, dubu sittin ɗin kuwa a ranar za ta tsaya, ga kuɗin ɗori a kai.

Na biyu da ke biya su ne yaran ajinsa, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Ku lura, acaɓar yamma ba ta taɓa lokacin makaranta ba, a takarda dai. Amma sana'a ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Da safe yana hanyar makaranta sai wani ya tsayar da shi, "Malam, ɗan sauke ni a can mana." Ratse ne na minti goma, naira ɗari uku. Wa zai ƙi? Gobe ratse biyu. Kafin wata ya ƙare ya zama mai zuwa bayan an gama taron safe. Sai waya. Yana tsaka da lissafi a allo, wani mai buhu biyu ya kira yana son a kai masa. Ko bai tafi ba, hankalinsa ya tafi.

Babbar jarrabawar ita ce ranar kasuwa. Duk wanda ya san kasuwar Getso ya san yadda hanya take cika da masu hatsi da masu dabbobi, kuma kuɗin ɗan acaɓa a ranar da safe yake, ba da yamma ba. Yaya ya ce mini a safiyar kasuwa kaɗai yana iya cire ribar 4,500. To sai ya zama a ranar yana zuwa ya kira rajista, ya yi darasi biyu, ya rubuta aiki a allo, ya ce wa monita ya kula da aji, ya fice wajen ƙarfe goma. Darasi huɗu suke salwanta. Na ce, "Yaya, mu ninka." Zangon karatu wajen mako 13 ne. Huɗu sau goma sha uku, darasi 52. A shekara, zango uku, ya haura 150. Ya yi shiru. Can ya ce, "Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Kullum ina ganin yau ce kawai."

Wannan kalma tasa ku riƙe ta, jama'a. Babu ma'aikacin da yake tashi da niyyar ya ci amana. Kullum "yau ce kawai". Kuma yaran da suka rasa darasi 150 ɗin nan ba 'ya'yan wasu ba ne daga nesa. 'Ya'yan mutanen da yake ɗauka a babur ne. Akwai ranar da ya ɗauki wani dattijo zuwa kasuwa da hantsi, suna tafe dattijon ya ce, "Malam, yau babu makaranta ne? Na ga jikana ya tafi da safe." Ya ce mini tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma abin da ya sa ba a tsawatarwa, sau da yawa wanda ya kamata ya tsawatar shi ma yana da tasa gonar ko nasa shagon. Sai a koma rufa ni in rufa ka, littafin sa hannu ya cika tsaf, aji kuma babu kowa.

Yanzu me doka ta ce? Da yawanmu ba mu sani ba. A Kundin Tsarin Mulki na 1999, Jadawali na Biyar, kashi na ɗaya, akwai ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata. Sakin layi na 2 ya hana ma'aikacin gwamnati mai cikakken aiki ya gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, ko ya shiga cikin tafiyar da ita. Abu ɗaya aka cire a fili, shi ne noma. Kuma wannan ya haɗa da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da na makarantun gwamnati, ba manya kaɗai ba. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce take karɓar ƙorafi, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata take hukunci, hukuncin kuma yana iya kaiwa ga rasa aiki da hana riƙe muƙami har shekara goma. Ma'ana, gonar Yaya doka ta yarda da ita, acaɓarsa kuwa ko da yamma yake yi ba ta da mafaka. Na san za ku ce ai kowa yana yi kuma ba a kama kowa. To amma dokar da ake barin ta tana barci, ranar da wani ya so ya ga bayanka ita zai tasa. Gara ka san inda ka taka. Masu aiki a makarantu da kamfanoni masu zaman kansu kuwa, ku takardar ɗaukarku aiki za ku duba.

Sai dai kada wani ya ɗauka tunda noma halal ne a doka, to ba ya cin lokacin aiki. A yankinmu shi ne ma ya fi ci. Ruwa yana zama a watan Yuni, shuka da noman firi da maimai suna faɗowa daidai lokacin da ake zango na uku ana shirin jarrabawar ƙarin aji. Kaka kuma, girbi da sussuka, tana faɗowa a tsakiyar zango na farko. Ciyawa ba ta jiran Asabar, kuma aikin gona da sanyin safiya ake yinsa. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa irin Guzuguzu da Magaga su ma sun san ban ruwa da tsinkar tumatir ba sa duba jadawalin makaranta. Doka ta ce kana iya noma. Ba ta ce ka yi shi da ƙarfe tara na safiyar Talata ba.

A nan ne wani bayani na malaman fiƙihu ya taimaka mini. Sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda ake biya saboda aikin da ya gama, kamar tela: ka ba shi yadi, ya ɗinka da dare ko da rana, ya karɓi ɗinkin mutum goma, ba ruwanka, kai dai ka ga rigarka. Akwai kuma wanda aka ɗauka saboda lokacinsa, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Wannan na biyun, awannin nan ya riga ya sayar da su, ba nasa ba ne. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti a nan suke. Idan ka ɗauki awa biyu daga ciki ka sayar wa fasinja, ka sayar da abu ɗaya sau biyu kenan. Ƙarancin albashi hujja ce ta ka yi ƙorafi, ka shiga ƙungiya, ka nemi ƙari, har ka bar aikin idan ka samu wanda ya fi. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To me Yaya ya yi? Bai ajiye babur ba, kuma ban ce ya ajiye ba. Abu uku ya canza, kowanne da kuɗinsa.

Na farko, ranar kasuwa. Yanzu ƙaninmu da ya gama sakandare yana zaune shi ne yake kai shi makaranta da sassafe, ya wuce da babur kasuwa, ya dawo ya ɗauke shi idan an tashi. Yana ba shi balas ɗin naira 2,000, shi ya zuba mai. Maimakon 4,500 kenan, ya yi asarar 2,500 a mako, dubu goma a wata. Ba zan ɓoye muku ba, dubu goman nan ana jin ta a tukunya. Kuma babur a hannun yaro yana saurin lalacewa, sun sha yin faɗa a kan wa zai biya gyara, sai da suka yi ƙa'ida: faci da ƙananan abubuwa na mai tuƙi, inji na mai babur. Amma darasi 52 sun dawo aji, yaron kuma ya samu abin yi.

Na biyu, gona. Noman firi da maimai, idan shi kaɗai zai yi, safiya takwas yake ci, yawancinsu ranakun aiki. 'Yan ƙwadago sun ce masa naira 30,000. Da can yana ganin wannan asara ce, tunda yana da hannu. Sai muka raba dubu talatin da 2,500 ɗin da yake samu da yamma: kwana goma sha biyu na acaɓa. Tun daga watan Afrilu ya fara ware naira ɗari biyar kullum a asusu, kafin ciyawa ta taso kuɗin ya taru. Shi kuma ya riƙe shuka da zuba taki, waɗanda zai iya yi Asabar da Lahadi.

Na uku, jiki. Ya daina tuƙi bayan magariba, domin a nan ne gajiya da duhu suke haɗuwa. Ya ware yammacin Juma'a babu fita. Wayarsa tana cikin jaka har a tashi, fasinjojinsa na kullum kuma ya gaya musu kai tsaye kafin ƙarfe biyu da rabi ba a samunsa. Wasu sun koma wajen wani, wasu sun zauna. Duka-duka abin da yake samu ya sauko daga dubu saba'in da wani abu zuwa wajen dubu arba'in da biyar. Har yanzu yana cin bashi a wasu watannin. Har yanzu kuma acaɓar yamman ba ta wanku a gaban doka ba. Amma yana duba littattafan yara idonsa biyu.

Idan kai ma kana cikin wannan hali, ga gwajin da na koya daga labarinsa. Kada ka fara tambayar nawa sana'ar take kawowa. Fara tambayar ƙarfe nawa kuɗinta yake fitowa. Idan lokacin da ta fi kawo kuɗi ya yi daidai da lokacin aikinka, to ko ka rantse ba za ka taɓa ba, wata rana sai ta janye ka, sai dai in ka sa wani a kanta. Sannan ka tambayi kanka ko sana'ar tana cin abinci daga kujerar da kake kai. Ma'aikacin lafiya mai shagon magani da yake tura marasa lafiya shagonsa, ko malamin da yake rage darasi a aji don yara su zo nasa na kuɗi da yamma, wannan ya wuce satar lokaci, ya zama cin amana kai tsaye, kuma babu lissafin da zai gyara shi.

Ga hukuma kuma, ina da magana. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Mun yi maraba, amma aji mai sabon rufi ba ya koyar da kansa. Muna roƙon abu uku. A riƙa tura malami makarantar da ke kusa da gidansa, domin kilomita 24 kullum mai ne yake ci daga albashi. A riƙa biyan ƙarin girma a kan lokaci. Sannan 'yan majalisarmu na tarayya su duba wannan sakin layi na 2, domin dokar da ta mayar da ƙaramin ma'aikaci mai laifi saboda ya yi ɗinki bayan an tashi aiki tana koya wa kowa ɓoye-ɓoye ne. Gara a ba shi dama ya bayyana sana'arsa a rubuce, a kuma tsananta a kan lokacin aiki ba sani ba sabo.

Mu kuma iyaye da matasa, kwamitin kula da makaranta na unguwarmu ba na dattawa kaɗai ba ne. Ka leƙa makarantar garinku ranar kasuwa da ƙarfe sha ɗaya, ka ƙirga azuzuwan da ke da malami. Idan ka ga babu, kada ka ɗauki hoto ka watsa. Ka samu malamin a gefe, ka gaishe shi, ku zauna da takarda da biro kamar yadda muka yi da Yaya.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Zamani ya tilasta mana riƙe biyun, to aƙalla mu tauna su ɗaya bayan ɗaya.

A nan zan dasa aya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ji daga ɓangaren mata ma'aikata, waɗanda aikin gida yake zame musu na uku. Allah ya sa albarka a abin da muke nema, ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka. Wassalamu alaikum.